Kafin Iddar Lauratu Ta Cika

Shafi na 31

Da sunan Allah. Masu turo min saƙo cewa na bar su a tsaye tun makon jiya, ku nemi wuri ku zauna, ba gobara ake yi ba. Masu yi min wa'azi a ƙarƙashin kowane shafi kuma na gode, ina karantawa. Ku dai riƙa gyara rubutun ayar kafin ku jefe ni da ita.

*

Da'u ya kafe babur ɗinsa a gindin darbejiyar ƙofar gidan Barau, ya daɗe bai sauka ba.

Tun daga Gaya har Toranke kalma ɗaya yake juyawa a baki. Na mayar da ke. Ba ta da nauyi. Yaro ma zai iya faɗar ta. Shari'a kuma ta ba shi ita kyauta: muddin iddar saki ɗaya ba ta cika ba, miji ya furta, mace ta koma matarsa, ko tana so ko ba ta so.

Wata uku ke nan da ya saki Lauratu, bayan shekara ashirin da shida. Ita ta roƙe shi. A tsakar gidansu, da rana tsaka, tana tsince shinkafa, ta ce masa zuciyarta ba ta karkata ga namiji, ba ta taɓa karkata ba, ga mace take karkata, kuma sai da furfura ta fito mata sannan ta gane. Daga shi sai ita suka san wannan magana a duk faɗin duniya.

Idan matar mutum ta mutu, ana shimfiɗa masa tabarma. A kawo kunu, a zauna da shi, ko ya yi hawaye a ce ai dole. Idan ta tafi da ƙafarta kuwa, tabarma ba ta fitowa. Sai dai a kawo masa sunayen zawarawa. Yayarsa Gaji har hoton wata ta nuna masa a waya, mai haƙorin Makka.

Shi kuwa har yanzu idan ya taso daga ofishin gona sai ya sayi fura ƙulli biyu. Sai ya zo ƙofar gida yake tunawa.

"Malam Da'u! A kan babur ɗin za a yi bikon?"

Barau ne, yayan Lauratu, ya cika ƙofar zaure da jikinsa da muryarsa. Manomi ne mai rumbu huɗu, wanda ya yi imani babu matsalar da tsawa ba ta gyarawa.

A cikin zauren limamin unguwa yana zaune da carbinsa. An gaisa, an tambayi gajiya da iyali, aka ɗan yi tuntuɓe a kan kalmar iyalin, aka wuce.

"Ni ba na son doguwar magana," in ji Barau. "Ga Liman, ga ni. Shaidu sun cika. Ka furta, ta haɗa kayanta, ka goya ta."

"Yaya, a bari in..."

"A bari me? Maiɗakina ta ƙirga, wata uku sun zo ƙarshe. In ta fita idda sai sabon ɗaurin aure, sai kuma da yardarta, ka kuwa san kan Laure. Na tambaye ta da safe ko ta cika, ta ce kai kaɗai za ta ba amsa. Ni da gidana!"

Liman ya yi gyaran murya.

"Gaskiyarta ce, Barau. Ba da wata ake ƙirga wa mai al'ada ba, da tsarki ne. Kuma maganar mace ake kamawa a nan. Amana ce Allah ya ba ta, ba wanda zai leƙa."

"To ta riƙe amanar. Ni abin da na sani, mutanen garin Balan sun ce bayan an gama sussuka za su kawo gaisuwar 'yarku Sadiyya. Auta guda, a zo neman aurenta a tarar uwarta tana zawarci a gidan wanta? Da wane ido zan kalle su? Kuma har yau ba wanda ya gaya min me ya haɗa ku. Ka dake ta?"

"A'a."

"Ta zage ka?"

"Ba ta taɓa ba."

"Abinci? Sutura?"

"Babu ko ɗaya."

"To wannan wane irin saki ne? Saki ba dalili, kamar zazzaɓin damina!"

Da'u ya dubi ƙasa.

"Ina so in gan ta tukuna."

Barau ya buɗe baki, Liman ya ɗaga masa hannu.

"Matarsa ce har yanzu. A yi masa iso."

*

Tana bayan gida ƙarƙashin rumfar kara, ta miƙe ƙafa a kan buhu, tana ɓarar gyaɗa. Matar Barau ta ajiye masa kujera 'yar tsugunno, ta ja yaranta ta yi cikin ɗaki, ta bar ƙofar a buɗe yadda ya kamata.

Ta rame. Amma fuskarta ta saki, wani irin saki da bai san ta da shi ba. Wannan ya fi ramar yi masa ciwo.

"Sannu da hanya, Malam."

"Yauwa, Laure."

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Ba ka ci ba. Wuyan rigarka ya gaya min."

Ya ɗauki ƙwayar gyaɗa ɗaya daga faifai, ya latsa ta da farce, don hannunsa ya sami abin yi.

"Gyaɗar nan ba ta bushe ba."

"Na gaya wa Yaya."

"In ya zuba ta a buhu haka, fumfuna za ta ci rabi."

"Ya ce shi tun kafin a haifi malaman gona yake noma."

Suka yi dariya tare, gajeriya. Sai dariyar ta tsaya musu a wuya, don irin ta gida ce.

"Kin san abin da ya kawo ni."

"Na sani. Muryar Yaya har bakin rijiya ake jin ta."

"Ya ce kin ƙi ba shi amsa."

Ta ajiye ɓawon da ke hannunta. Ta rage murya.

"Ba ta cika ba, Malam."

Ya ɗago.

"Shekaru sun fara yi min wasa da al'ada. Ta zo sau biyu, ta ukun ta ƙi zuwa. Ban san ranar da za ta zo ba. Ko gobe, ko bayan sallah."

"Laure..."

"Da na ce wa Yaya ta cika, da magana ta mutu tun da safe. Liman da kansa ba zai ƙaryata ni ba. Na yi tunanin haka. Wallahi na yi, har na buɗe baki."

"Me ya hana ki?"

"Na gaji da faɗar abin da ba shi ba. Kuma ba da kai zan fara sabuwar ƙarya ba." Ta dube shi. "Ina hannunka. In ka furta, matarka ce ni, zan ɗauko mayafina."

Abin da ya zo nema ke nan. An miƙo masa shi a faifai, tare da gyaɗa. Ya ji kalmar ta hau kan harshensa ta zauna.

Abin da ya fito daban ne.

"Duk ƙarya ce?"

"Wacce?"

"Duka. Shekarun. Ina kwance in ɗauko rana ɗaya in juya ta, in ga ko akwai tsutsa a ciki. Ranar da aka kawo ki. Ranar sunan Auta. Tafiyarmu Kano a bayan akori-kura kina riƙe da rigata. Kin ƙwace min gaba, na haƙura. To bayan fa? Shi ma ba nawa ba ne?"

Idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta karye ba.

"Da ka karye a hanyar Ajingi, wa ya kwana yana juya ka?"

"Ke."

"Da aka hana ka ƙarin girma, wa ya zagi shugaban sashenku har ka ce in yi istigfari?"

"Ke."

"To wannan ba ƙarya ba ce. Ba ni da aboki kamarka, har gobe. Wuri ɗaya ne ban kasance tare da kai ba, ka san wurin. Shi ma ban san ƙarya nake ba. Daren da za a kai ni, Inna ta ce min mace haƙuri take yi, ta rufe ido, ya wuce. Na ɗauka kowace mace haka take. In mata suna zolayar juna a gidan biki, in yi dariya tare da su, a raina in ce duk muna yi wa juna wasan kwaikwayo ne."

"Ni kuwa na ɗauka warin taki nake."

"Malam!"

"Allah. Turaren da na saya a auren nan ya isa a buɗe shago. Na taɓa zuwa wurin mai maganin maza a kasuwar Ajingi, na naɗe fuska kamar mai satar akuya. Ya ba ni wani gari, na yi kwana biyu ina zarya bayan gida."

Ta rufe baki da gefen mayafi. Kafaɗunta suna rawa, ba a san dariya ba ce ko kuka.

"Ni ma na sha nawa," ta ce. "Tsumi, gumba, kazar da aka dafa da sassaƙe. Yaya Gaji ma ta taɓa kawo min. Kowa yana gyaran abin da bai lalace ba."

"Da kin gaya min."

"In gaya maka me? Abin da ba ni da sunansa? Sunan da na sani guda ɗaya ne, wanda ake zagi da shi, ake kama mutane da shi. Ni kuwa ban taɓa aikata komai ba. Ta yaya zan ce ni ce?"

Ya san sunan. Ya san in ya fita daga rumfar nan ba za a tsaya tambayar ta aikata ko ba ta aikata ba. Akwai kotu, akwai 'yan unguwa da ba sa jiran kotu. Mutanen Balan kuwa ko sallama ba za su sake yi ba.

Akwai tambayar da ya yi wata uku yana kewaye ta.

"Wace ce?"

Ta jawo faifan gyaɗar gabanta.

"Ba don in yi wani abu ba. Ina kallon kowace mace da ta taɓa shiga gidana ina zarginta. Har mai kitso. Ki raba ni da wannan."

"Maijidda."

Ya rufe ido. Maijidda, bazawarar da suke matsar man gyaɗa tare a ƙungiyar matan unguwa. Doguwa, mai dariya da ƙarfi, wadda ta koma Dutse wurin ɗanta shekara biyu da suka wuce. Shi da kansa ya ɗaura mata buhunanta a mota.

"Ba ta sani ba," Lauratu ta ce da sauri. "Na rantse da wanda raina ke hannunsa. Ko hannunta ban taɓa riƙewa da wata niyya ba. Ni kaina ban sani ba sai da ta tafi."

"Ciwon da kika yi."

"Shi."

Ya tuna. Ta daina cin abinci, ta daina barci. Asibiti suka ce gyambon ciki. Gaji ta ce iska ce, aka kawo mai ruƙiyya ya yi ta karatu har muryarsa ta dishe, aljani bai yi magana ba, don babu shi.

"Ka san a ina na gane?" ta ce. "A fuskarka."

"Fuskata?"

"In na je unguwa na daɗe, nakan tarar da kai a ƙofar gida kana yi kamar gyaran babur kake. Ina shan kwana sai in ga fuskarka ta washe. Shekara da shekaru ina mamakin abin, ina cewa Malam akwai son jiki. Sai ga ni a bakin turmi, duk wadda ta yi sallama gabana ya faɗi, in ɗago, ba ita ba ce. Rannan na ajiye taɓarya na ce, innalillahi. Ashe wannan ne. Ashe abin da bawan Allahn nan yake ji ke nan, ni kuwa ban taɓa mayar masa ba ko sau ɗaya."

Da'u ya juya fuska gefe. Wata kaza tana tono a gindin danga, ya ba ta dukkan hankalinsa.

"Na yi azumi," ta ci gaba. "Na yi tsayuwar dare. Na roƙi Allah ya cire min, in ba zai cire ba ya tsare ni daga saɓa masa. Na biyun nake gani ya amsa. Na farkon yana nan."

"To ki dawo haka." Ya juyo ya dube ta. "Ki zauna a ɗakinki. Ba zan taka ƙofarki ba. Ki dafa, mu ci, mu yi gardamar gyaɗa. Bakin duniya ya rufu, a aurar da Auta. Ni muryarki kawai nake so a tsakar gida."

"Za ka iya?"

"Zan iya."

"Wata nawa? Kana jin tarina ta bango. In miƙo maka ruwa ka riƙa duban hannuna, kana tambayar kanka tausayi ne ko me. Da ba mu sani ba mun iya, Malam. Yanzu mun sani. Za ka tsane ni a hankali, kai da ba ka iya tsana ba. Ni kuma in koma rufe ido, wannan karon da rana."

Ya mayar da ƙwayar gyaɗar cikin faifai.

"Kuma kai ba tsoho ba ne. Akwai wadda za ta ji ƙarar babur ɗin nan naka mai tari, gabanta ya faɗi. Ka ɗanɗana ko sau ɗaya kafin ka mutu. Na hana ka shekara ashirin da shida ban sani ba. Kada ka sa in hana ka da sanina."

"Mai haƙorin Makka," ya ce a hankali.

"Wa?"

"Gaji ta nuna min hoto."

"Kai, Yaya Gaji! Ko iddar ba ta bari na gama ba?" Ta goge ido. "Kyakkyawa ce?"

"Haƙorin dai yana da kyau."

Wannan karon dariyar ta ɗan daɗe.

Ya tambaye ta me za ta yi. Ta ce gayaunar da ta gada tana nan, kuma matan Ajingi masu injin matsar mai suna neman wadda ta iya tuyar ƙuli. In an aurar da Auta za ta nemi ɗaki kusa da su. Ta faɗe shi kamar wadda ta daɗe tana shirya kayan ɗakin a ranta.

Ya lura bai ji haushi ba. Wani abu ne ma ya sauka daga kafaɗarsa, wanda ya ɗauka tun yana saurayi har ya manta kaya ne. Ashe ba wari yake ba. Ashe bai gaza ba. Mutum biyu ne aka ba makullin da ba na ƙofar ba, kowa yana zargin hannunsa.

Ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara.

"In al'adar ta zo, ki aiko min."

Ta ɗago da sauri.

"Ba sai kin ce komai ba. Ki ce wa Auta ta gaya min gyaɗa ta bushe."

"Malam..."

"Kada ki gode min. Ban kai zaure ba tukuna."

*

Barau ya miƙe tsaye tun kafin ya gama shigowa.

"To? Liman, matso. Bismillah, Malam Da'u."

Da'u ya zauna a tabarma, ya tanƙwashe ƙafa.

"Ba zan mayar da ita ba, Yaya."

"Ba za ka me?"

"Iddarta ba ta cika ba, ta gaya min da bakinta. Ina da dama. Na bar ta."

"La'ilaha illallahu! Liman, ka ji? To wallahi yau sai an gaya min. Me ta yi? In wani abin kunya ta yi, ni zan fara karya ta kafin kowa. Laure! Ke Laure!"

"Ba ta yi komai ba." Da'u bai ɗaga murya ba, amma Barau ya tsaya. "Ka rubuta wannan, Liman ya shaida. Na zauna da ita shekara ashirin da shida, ban ga alfasha ba, ban ji ba. Duk wanda ya ce ta yi wani abu, ni zan kai shi gaban alƙali."

"To mene ne?"

"Abu ne na tsakanin miji da mata. Akwai abin da aure yake buƙata, gidana babu shi. Ba laifinta ba ne."

Kowace kalma gaskiya ce. Ya auna su tun daga rumfa, yadda yake auna maganin feshi.

Barau ya dube shi daga hula har ƙafa. Idonsa ya ɗan tsaya a tsakiya. Sai fuskarsa ta sauya, tsawar ta zube, tausayi ya hau, irin tausayin da namiji yake yi wa namiji yana gode wa Allah a ɓoye.

"Subhanallahi," ya ce ƙasa-ƙasa. "Malam Da'u. Ai da ka faɗa tun farko."

Da'u ya ga inda ya dosa. Ya ga maganar tana fita daga zauren nan, ta shiga ɗakin matar Barau, ta hau motar kasuwa, ta sauka a Gaya kafin shi. Ya ga 'yan ofis suna yin shiru in ya shigo. Kalma ɗaya ta isa ya gyara.

Bai gyara ba.

"Sikari ne?" Barau ya matso. "Ko basir? Akwai wani mutumi a kasuwar Ajingi, yana da wani gari..."

"Na san shi."

"Ka gwada?"

"Na gwada."

"Kai! Har shi?" Barau ya girgiza kai. "Yarinyar nan ta yi haƙuri, ashe. Ko uffan ba ta ce ba. 'Yar gidanmu ke nan."

"Ta yi haƙuri," in ji Da'u. "Fiye da yadda kake zato."

Liman ya ɗago kai. Ya daɗe yana duban Da'u, carbin ya tsaya a hannunsa. Tsoho ne da ya raba aure da yawa, ya san in ana rufe wani abu da wani abu. Bai tambaya ba.

"Allah ya ce a riƙe da alheri ko a rabu da alheri," ya ce. "Na ga na biyun yau. Barau, abin da aka faɗa a zauren nan ya tsaya a nan."

"Ai ni ba na magana," in ji Barau.

"Maganar Auta kuma," Da'u ya ce, "mutanen Balan gidana za su zo. Uwarta za ta zo ta karɓi mata, ta yi komai da hannunta, ɗakinta yana nan a buɗe har a kai amarya. Wanda ya fasa auren yarinya don iyayenta sun rabu lafiya, gara ya fasa tun yanzu."

Aka shafa fatiha.

Da ya fito, rana ta karkata. Daga cikin gida ya ji an fara daka, ya gane hannun. Bugu biyu da sauri, ɗaya a hankali. Ko a cikin mata ɗari zai gane shi. Ya tsaya yana saurare. Ciwon yana nan, bai je ko'ina ba, amma ya zama irin wanda mutum zai iya hawa babur da shi. Ya ma ji yunwa, karo na farko tun bayan damina. Ya ce a ransa zai tsaya a Ajingi ya ci tsire, ya sayi fura ƙulli ɗaya.

Yana murɗa makulli wani ɗan acaɓa ya tsaya a bayansa.

Wata doguwar mace ta sauko da jaka a hannu, tana gyara mayafi.

"Malam Da'u? Ikon Allah! Kai nake nema, sai ga ka."

Hannunsa ya sandare a kan makullin.

Maijidda.

"Tun daga Dutse nake zaginka a mota," ta ce, da muryar nan tata da ba ta san ƙasa-ƙasa ba. "Sai shekaranjiya na ji. A ce kamar Laure a sake ta? Salamu alaikum, masu gida!"

A cikin gida dakan ya tsaya cak.

Barau ya leƙo daga zaure, ya raɗa masa a kunne, cikin tausayi:

"In ka canza shawara fa, Liman bai tafi ba."

Kalmar ta dawo kan harshensa, da zafinta. Yanzu ma tasa ce. Gobe ma tasa ce, har ranar da gyaɗa za ta bushe. Ya dubi matar da aka yi shekara biyu ana jiran sallamarta a gidansa, ya ji kishi ya taso masa tun daga ciki, sabo fil, kamar na ɗan shekara ashirin.

Ya haɗiye.

Ya tura babur ɗin gefe, ya buɗe mata hanya.

"Shiga. Tana ciki."

Maijidda ta taka dokin ƙofa, sai ta tsaya. Ta juyo. Dariyar ta bar fuskarta.

"Kai ma kashe babur ɗin ka biyo ni," ta ce, a hankali wannan karon. "Ba don ɗana na koma Dutse ba, Malam. Kuma a gabanka nake so in gaya mata dalili."